Sauti biyar na fentatonik: me ya sa karina ba ya zama waƙa?

"Salamu alaikum 'yan uwa. An nuna mini sauti biyar na fentatonik a kibod, an ce duk wanda na danna zai yi daɗi. Ina ta dannawa, babu wanda ya yi tsami, amma abin bai zama waƙa ba, yawo kawai yake. Ina da sarewa mai huda shida ita ma. Ina gyaran yake?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka haka rabin magana ya faɗa. A jerin do re mi fa so la ti, an cire fa da ti ne, wato F da B, ya rage do re mi so la, wato C D E G A a fararen maɓallai. Waɗannan biyun da aka cire su ne ke manne da maƙwabtansu, E da F, B da C, kuma wannan mannewar ce ke kawo tsami a kunne. Cire su ya kare ka daga kuskure, amma bai gina maka komai ba. Abu biyu suka rage maka: gida, da kira da amshi.

Gida shi ne sautin da karin yake sauka ya huta. Zaɓe shi tun kafin ka fara. In ka ɗauki C, to ka riƙe C da G da hannun hagu kamar yadda ganga ke riƙe wa mawaƙi ƙasa, hannun dama ya yi tafiyarsa. Sa TEMPO, wato saurin bugu, a 80, ka ƙirga bugu huɗu huɗu, ka kaɗa wannan. Kowane harafi bugu ɗaya ne, kowane ɗan layi kuma jan sautin ne na ƙarin bugu ɗaya:

```
E G A G | E D - -
E G E D | C - - -
```

Saurari ƙarshen layin farko da kyau. Ya tsaya a D, kusa da gida amma bai shiga ba, sai kunne ya ji kamar an yi tambaya. Layi na biyu ya fara da E G ɗin nan dai, ya juyo ya sauka a C, magana ta ƙare. Da ka ƙare layukan biyu a C, da na biyun bai da aikin yi. Da ka ƙare su duka a D ko A, yawon da kake kuka da shi ke nan. Lura kuma sautuka biyu na farko ba su canza ba. Masu koyo suna jin kunyar maimaici, alhali shi ne yake sa mai sauraro ya riƙe kari har ya rera shi a hanya.

Yanzu mai da gidan A, hagu ya riƙe A da E, ka ƙare layi na biyu da E D C D, sannan A ta ƙasa mai tsawo. Sautukan nan biyar ne dai, amma karin ya yi sanyi, ya ɗauko kalar begen nan. Gida kaɗai ya sauya.

Tsami yana iya dawowa ta hannun hagu. In ka danna G B D tare, dama kuma ta ja C, B da C ɗin da aka raba sun sake haɗuwa. Ka sauke B ɗin, ko ka matsar da dama zuwa D.

Ga sarewa, in irin ta kanti ce wadda rufe hudojin shida ke ba da D, kada ka wahalar da kanka da C. Yi gida a G. Rufe shida D ne, biyar E, uku G, biyu A, ɗaya B, ana ƙirgawa daga wajen baki. Huɗu a rufe da duka a buɗe su ne za ka tsallake. Karin nan na sama zai zama B D E D, B A, sannan B D B A, G, sai dai D da E ɗin na sama ne: yatsun ba su canza ba, iska za ka ɗan ƙara. In sautin ƙasa ya yi ƙara kamar usur, ko iska ta yi yawa ko wata huda na yoyo, galibi ta ƙarƙashin yatsan zobe. Rufe da tsokar yatsa, kada ka sa tsininsa. Sarewar kara da aka huda a gida kuwa tana da nata ma'aunin, ba lalle ta dace da kibod ba, sai ka bi gidanta da kunne.

In za ka ɗora baiti, faɗe shi da baki tukuna kafin ka taɓa maɓalli. Kuka na hawaye a sama yake tafiya gaba ɗaya, kuka ta miya kuma gaɓar ƙarshe faɗuwa take. In ka sa kukan hawaye a kan G ya sauko E, mai sauraro bishiya zai ji. Ba shi G G, ka bar saukowar ga kalmar da ita ma sauka take.