Wake da Gyaɗa Suna Yi wa Ƙasa Taki? Amsa ga Wani Manomi a Ojo

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina noman masara da alayyahu a wani ɗan fili kusa da Ojo a Legas, kuma tsadar yuriya ta ishe ni. An ce min wake da gyaɗa suna yi wa ƙasa taki da kansu. Mene ne gaskiyar maganar, kuma in na shuka su zan iya daina sayen taki?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe, amma sharaɗin da ke tare da ita shi ne abin da masu faɗa suka fi mantawa.

Sinadarin da kake saya a buhun yuriya sunansa naitirojin, shi ne mai sa ganye ya yi kore shar. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Iskar da muke shaƙa kuwa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, sai dai masara da alayyahu ba su da hanyar cin sa daga iska. Wake da gyaɗa da waken suya suna da hanya, domin akwai wasu ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa, ana kiran su raizobiya, waɗanda suke shiga saiwarsu su zauna. Inda suka shiga sai saiwar ta fitar da ɗan ƙullutu, a ciki suke sarrafa naitirojin na iskar da ke ratsa ƙasa ya koma abin da shuka za ta iya ci, ita kuma tana biyan su da abincin da ganyenta ya haɗa daga hasken rana.

Ba sai ka je ɗakin gwaji ba kafin ka san ko aikin yana gudana a gonarka. Idan shukar ta kai mako biyar zuwa shida, dab da fara fure, ka haƙo gindi huɗu ko biyar daga wurare daban-daban da fartanya, kada ka fizge, domin ƙullutun zai tsinke ya zauna a ƙasa. Ka wanke saiwar a bokiti, ka fasa wasu da farce. Na wake manya ne amma ba su da yawa, na gyaɗa ƙanana ne masu yawa. In cikin ya yi ja-ja kamar ɗanyen nama, aiki yana tafiya. In fari ne, ko dai bai fara ba ko ƙwayar bakteriyar ba ta da amfani. In kore ne ko ya ruɓe, ya gama aiki. A ƙasar yashi irin ta Ojo da Badagiri, inda aka daɗe ana lambu, akwai abin da ke ruɗar mutane: wata tsutsa da ido ba ya gani tana kumbura saiwa. Bambancin shi ne ƙullutu na gaskiya a gefen saiwa yake maƙale, da ka murza shi zai fita, kumburin tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya ciruwa. Wanda ya ga irin wannan, cuta ce a gonarsa, ba taki ba.

Yanzu ga sharaɗin. Shukar ba don ƙasa take tara naitirojin ba, don jikinta take tarawa, kuma mafi yawansa yana ƙarewa a cikin ƙwaya da harawa. Mu ɗauki misali da rubu'in hekta. A ce ka sami wake kilo 200 da busasshiyar harawa kilo 400. Ƙwayar wake tana da naitirojin kusan kashi 4 cikin 100, wato kilo 8 ke nan. Harawa tana da kusan kashi 2, ita ma kilo 8. Jimla kilo 16. A ce a shekara mai kyau kashi biyu bisa uku na wannan daga iska ya fito, wato kusan kilo 11, sauran kilo 5 kuma daga ƙasarka shukar ta zuƙa. In ka kwashe ƙwaya kaɗai ka mayar da harawa, kilo 8 ya fita, 11 ya shigo, ƙasa ta ci ribar kilo 3, kuma kilo 8 da ke cikin harawar, wanda ya yi daidai da kusan sulusin buhun yuriya, zai ruɓe ya ciyar da shuka ta gaba. In kuwa ka ɗaure harawar ka kai wa masu raguna a Agege, kilo 16 ne ya bar gonar, ƙasa ta tashi da giɓin kusan kilo 5, in ban da ɗan abin da saiwa da ganyen da ya zube suka bari. Da gyaɗa abin ya fi tsanani, tunda ita tumɓuke ta ake yi har saiwa.

Ba zan ce kada ka sayar da harawa ba, domin a Legas tana da kuɗi, kuma wani lokaci kuɗinta ya fi na takin da za ta maye. Amma ba a cin riba biyu a kanta. In kana da dabbobi, ka ba su ka dawo da kashinsu gona, wannan ita ce hanyar da na fi so.

Haka nan masarar da aka shuka tare da wake a kunya ɗaya ba ta samun wani abin kirki daga gare shi a wannan daminar, sai bayan jikinsa ya ruɓe. Saboda haka juyin shuka ya fi maka. Ka yi masara a ruwan farko daga Afrilu, sannan ka shuka wake mai saurin nuna, na kwana 60 zuwa 70, a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, don ya bushe lokacin da ruwa ya ja baya. Da ka tsinke, ka sare karan daga gindi, ka bar saiwa a ƙasa, ka turbuɗe harawar, bayan mako biyu zuwa uku ka zuba alayyahunka na rani. Kada ka bar filin haka nan har ruwan baɗi, domin a yashi naitirojin ba ya jira, ruwa mai ƙarfi yana wanke shi ƙasa.

Abubuwa biyu ne suka fi kashe wannan aiki a irin wurinku. Na farko kwanciyar ruwa: ƙwayoyin raizobiya suna buƙatar iska, kwana kaɗan a cikin ruwa ya isa ƙullutun ya ruɓe ganye ya yi ɗorawa, don haka sai a kan kunya mai tudu. Na biyu yawan taki. In ka zuba wa wake yuriya, ko ka shuka shi inda aka jibge kashin kaji, ya sami abinci a ɓagas, ba zai wahalar da kansa ba, sai ya yi ta yaɗo babu ƙullutu, 'ya'ya kaɗan. Takin da yake buƙata shi ne sufa, mai fosfaras, kusan kilo 25 zuwa 50 a rubu'in hekta lokacin shuka. Wake da gyaɗa yawanci suna samun ƙwayoyinsu a ƙasarmu. Waken suya ne ya fi buƙatar a shafa wa irinsa garin ƙwayoyin kafin shuka, irin wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan take yi.

Game da daina sayen taki, waken kansa ba ya buƙatar yuriya, wannan ragi ne na nan take. Masara da alayyahu kuwa masu ci ne ƙwarai, abin da wake ya bari zai rage maka ne, ba zai ɗauke maka duka ba. Ka raba filin da wake ya tashi gida biyu, ka ba ɗaya takin da ka saba, ɗayan ka rage sulusi. In tsoffin ganyen ƙasa na ɓangaren da ka rage ba su riga na ɗayan yin ɗorawa ba, kuma amfanin ya zo daidai, to sulusin nan ya zauna a aljihunka, baɗi sai ka gwada rage rabi.