Yadda ake gane kwantiragin da ke da ciniki a jadawalin ofshin

Tambaya: "Na buɗe jadawalin ofshin, lambobi sun yi mini yawa. Yaya zan gane kwantiragin da zan iya saya in sayar ba wahala?"

Ofshin kwantiragi ne da ke ba ka damar saye ko sayar da hannun jari a kan wani ƙayyadadden farashi. Fara da ginshiƙin Bid da na Ask, domin nan kuɗinka ke zurarewa. Bid shi ne tayin masu saye, Ask kuma farashin da masu sayarwa ke nema. A ce Bid 2.00 ne, Ask 2.10. Tazarar 0.10 ce, kusan kashi 5 cikin ɗari na tsakiyar farashin, wato 2.05. A kasuwar Amurka kwantiragi ɗaya yawanci hannun jari 100 ne, don haka shiga da fita nan take zai ci maka dala 10. Idan Bid 0.80 ne, Ask 1.20, asarar dala 40 ce a kan abin da ka saya 120. A ganina wannan abin gudu ne.

Volume yana ƙirga cinikin yau kaɗai, gobe ya koma sifili. Open Interest kuwa adadin kwantiragin da ba a rufe ba ne, kuma sau ɗaya ake sabunta shi a rana, don haka lissafin jiya kake gani. Yana iya kai dubbai alhali yau ba wanda ya taɓa kwantiragin, shi ya sa ake haɗa su biyun.

Kada ginshiƙin Last, wato farashin ciniki na ƙarshe, ya ruɗe ka, wataƙila cinikin shekaranjiya ne. Ka nemi Strike, wato ƙayyadadden farashin kwantiragin, da ke kusa da farashin hannun jarin, ka sa odar Limit, wadda kai ke yanke farashinta, a tsakiyar tazarar maimakon odar Market, wadda ke karɓar duk farashin da ta tarar.