Gyara na dubu 80, kamfani ya biya dubu 30

"Jama'a, ni sabuwar wakiliyar inshora ce a Bauchi. Keke Napep ya goge motar kwastomana a shataletalen Wunti, gyara ya tashi ₦80,000, kamfani ya biya ₦30,000, wai ekses. Alhaji ya ce mun cuce shi. Yaya zan fahimtar da shi?"

Ƙanwata, sannu. Na sha irin wannan a shekarun da na yi ina aikin nan, kuma waya ba ta kashe wannan wutar. Ki ɗauki takardar inshorarsa ki same shi a shago, ki buɗe shafin da aka rubuta sharuɗɗa, ki sa yatsa a kan layin ekses ɗin, wato kason asarar da mai inshora ke biya da kansa.

Daga lissafin da kika kawo, ina kyautata zaton abin da za ki gani shi ne kashi 10 cikin ɗari na asarar, ko ₦50,000, duk wanda ya fi yawa. Wannan "duk wanda ya fi yawa" ɗin shi ne inda mutane ke faɗawa. Ki yi masa lissafin da biro a gabansa: kashi 10 na ₦80,000 ₦8,000 ne kacal, bai kai ₦50,000 ba, don haka ₦50,000 ɗin ce kasonsa, saura ₦30,000. Daga nan kada ki tsaya. Ki ce, "Alhaji, Allah ya kiyaye, da ɓarnar ta kai ₦1,500,000 fa?" Kasonsa ₦150,000, kamfani ya biya ₦1,350,000. Yawancin kwastomomi a nan suke yin shiru su sake duba takardar. Har sai asara ta haura ₦500,000 kafin lissafin kashi 10 ya fara aiki, kuma gyaran da bai wuce ₦50,000 ba daga aljihunsa zai fito gaba ɗaya.

Ni na daina cewa "an cire maka". Mutum na jin haka sai ya ɗauka an zaftare masa haƙƙi. Ina cewa "kason da ka amince za ka ɗauka". Dalilinsa kuma ba ɓoyayye ba ne: turo mai duba ɓarna da cike takardu kan fasasshiyar fitila na iya cin kuɗi kusan na fitilar, kuma da kamfani zai biya kowace ƙwarzana, da kuɗin da Alhaji ke zubawa duk shekara ya fi haka.

Didaktibul da za ki gani a wasu takardun, musamman na gobarar shago, ga kwastoma aikinsa ɗaya da ekses: kason farko na asara nasa ne.

Abin da ya taɓa ƙona ni shi ne ban gaya wa wani mai Hilux cewa kason na kowane haɗari ne ba, ba na shekara ba. Ya yi karo biyu cikin wata huɗu, aka lissafa masa sau biyu, har yau ba ya amsa gaisuwata. Ki faɗa wa Alhaji wannan tun yanzu, kuma idan sabuntawa ta zo ki tambayi ofishinku nawa zai ƙara a ɗauke masa ekses ɗin, don wasu kamfanonin na sayar da wannan damar.