Tambayar da kowa ya ci da wadda kowa ya faɗi: a jefar da su ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi a aji biyu na babbar sakandare a wata makaranta da ke Gwale. A jarrabawar zangon da ya wuce ɗalibai 120 suka amsa tambayoyi 40 na canki-canka, kowacce da zaɓi huɗu. Tambaya ta 7 mutum 114 suka ci, ta 23 kuwa mutum 12 kacal. Shugaban sashenmu ya ce in cire duka biyun daga ma'ajiyar tambayoyi, wani abokin aikina kuma ya ce in bar ta 23 domin ita ce mai raba aya da tsakuwa. Raina bai kwanta ba, ina tsoron kada a ce na zalunci yara. Ga tambayoyin da ƙidayar abin da kowa ya zaɓa na haɗo.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Tsoronka yana kan hanya, domin takardar da ka haɗo ta nuna an tauye wa yara maki a tambaya ta 23, sai dai abu ne da za ka iya gyarawa a yini guda. Kada ka cire ko ɗaya daga cikin tambayoyin tukuna.

Bari mu fara da ta 23. Ma'aunin wahalarta, wato rabon waɗanda suka ci, 12 a raba da 120, ya zo 0.10. To, tambaya mai zaɓi huɗu, ko da ɗalibai sun rufe ido sun yi ta canka ba tare da sun karanta ba, ana sa ran kusan kashi ɗaya cikin huɗu su dace, wato 0.25, kimanin mutum 30 a ajinka. Idan aka samu adadin da ya yi ƙasa da na canka nesa ba kusa ba, rashin sani kaɗai ba zai bayyana shi ba. Akwai abin da ke janye ɗalibai daga amsar da aka rubuta a matsayin daidai, kuma aikinka shi ne ka gano wannan abin.

Hanyar ganowa ita ce ka jera takardun bisa jimillar maki, ka ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, kamar yadda masanin auna jarrabawa Truman Kelley ya ba da shawara tun 1939. A ajinka wannan ya kama mutum 32 a kowane ɓangare, kuma na ga ka riga ka yi hakan. Tambayar ta ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya sayi turmin atamfa naira 8,000 ya sayar naira 10,000, ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Takardar amsoshinku ta ce B, wato kashi 20. Daga cikin 32 na sama mutum 2 ne suka zaɓi B, daga cikin na ƙasa kuwa mutum 6. Ma'aunin bambancewa shi ne a debe na ƙasa daga na sama a raba da 32, sai ya ba mu -0.13. Duk lokacin da wannan ma'auni ya faɗa ƙasa da sifiri, ma'anarsa raunana sun fi haziƙai cin tambayar, kuma babu tambayar kirki da ke yin haka.

Yanzu dubi inda haziƙan suka tafi. Mutum 26 daga cikin 32 na sama sun zaɓi C, wato kashi 25, kuma su ne da gaskiya, domin ana raba ribar naira 2,000 da kuɗin saye ne, 8,000, ba da kuɗin sayarwa ba. Wanda ya raba da 10,000 shi ne zai samu kashi 20. Ko dai wanda ya tsara takardar amsoshin ya yi wannan kuskuren da kansa, ko kuma an sauya jerin zaɓin wajen buga takarda ba a sauya harafin amsar ba, wanda shi ne ya fi yawan faruwa idan an kai aiki shagon buga takardu ana gaggawa. Idan ka mayar da amsar C, ƙidayarka ta nuna mutum 70 ne suka ci, wahalar ta koma 0.58, bambancewar kuma 26 na sama a debe 11 na ƙasa a raba da 32, wato 0.47. A ma'aunin da wani masanin, Robert Ebel, ya yaɗa, duk abin da ya kai 0.40 tambaya ce mai kyau ƙwarai. Ashe tambayar da aka ce ka jefar tana cikin mafi kyawun abin da ke takardarka.

Nan ne nake so in tsaya a kan maganar abokin aikinka, domin ita nake ji kusan kullum, kuma ta fi ta shugaban sashe haɗari. Akwai malaman da suka ɗauka cewa tambayar da ta kayar da aji gaba ɗaya shaida ce ta zurfin ilimin malami, har za ka ji mutum a ɗakin malamai yana alfahari wai tambayarsa ko mutum goma ba su tsallake ba. Tambaya tana raba aya da tsakuwa ne idan masu sani sun ci, marasa sani sun faɗi. Wadda ta kayar da kowa ba ta raba komai ba, domin ta haɗa mai ƙwazo da malalaci ta ba su sifiri ɗaya, kuma bayan an gama maki malamin bai ƙaru da sanin komai game da ɗalibansa ba. Abin da ya fi damuna shi ne wannan alfahari yana toshe ƙofar bincike. Da zarar malami ya ce yaran yanzu ba sa karatu, sai waya, shi ke nan ya yanke hukunci, ba zai ƙara buɗe takardar amsoshinsa ya duba ba. Na taɓa zama da malaman wata makaranta a cikin birni muna duba tsofaffin jarrabawoyinsu, muka tarar da tambaya guda da aka maimaita shekara uku a jere da amsar da ba daidai ba, kuma kowace shekara ana yi wa yara faɗa a kanta. Mai tambayar da na nuna masa, abin da ya fara cewa shi ne ai daga wani littafin tsofaffin tambayoyi ya kwafo ta, kamar dai littattafan da ake sayarwa a bakin titi ba sa kuskure. Da yawansu ba wanda ya tace amsoshin da ke bayansu. Kuma ka lura da wanda abin ya fi cuta: yarinyar da ta zauna ta yi lissafinta daidai ta samu kashi 25, aka soke mata, aka ba wanda ya yi kuskure maki. Idan ta yarda da malaminta, ta koyi kuskure ke nan za ta kai shi zauren WAEC ko NECO. Idan ba ta yarda ba, ta koyi cewa yin daidai ba ya biya. A ajinka mutum 70 aka yi wa haka.

Ba kowace tambaya mai wuya ce ke da kuskuren amsa ba, kuma yadda zaɓin ya rarrabu shi ke faɗa maka ciwon. Idan na sama da na ƙasa duk sun watsu kusan daidai a kan zaɓi huɗun, canka suke yi, sai ka duba ko an koyar da darasin kuwa kafin jarrabawa, ko kuma Turancin tambayar ne ya sha kansu. Idan haziƙai sun rabu biyu tsakanin zaɓi biyu, akwai yiwuwar duka biyun suna da hujja, sai a sake rubuta ɗaya. Idan kuwa amsar daidai take amma kowa ya ruga zuwa kuskure guda, tambayar lafiya lau, darasin ne ke bukatar a sake shi. Tambayar da ke ƙarshen takarda kuma, ka ƙirga waɗanda suka bar ta babu amsa, domin wataƙila lokaci ne ya ƙare musu.

Sai tambaya ta 7, mai wahalar 0.95. Shugaban sashenku zai ce bambancewarta ta yi ƙasa, amma ba yadda za a yi ta yi sama. Mutum 6 ne kawai suka faɗi, kuma ko da dukansu suna cikin rukunin ƙasa, abin da za a samu shi ne 32 a debe 26 a raba da 32, wato 0.19, wanda bai kai 0.20 da ake ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa ba. Saboda haka wannan lamba ba hujja ba ce a kanta. Jarrabawar ƙarshen zango ba irin ta JAMB ba ce da ake tace mutane domin guraben karatu kaɗan; kana so ne ka san ko sun iya abin da ka koyar, kuma idan sun iya, cin kowa abin farin ciki ne.

Matsalar ta 7 tana cikin amsoshin ruɗinta, wato zaɓin da ba na daidai ba. Ka tambayi jimillar kusurwoyin cikin alwatika, ka ba da 180, 18, 1,000 da 5. Ƙidayarka ta nuna babu ko mutum ɗaya da ya taɓa 1,000 ko 5, duk shidan 18 suka zaɓa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce zaɓin da bai ja aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ɗalibai ba, wato mutum 6 a ajinka, ba ya aiki. Yaron da bai san komai ba zai iya kawar da waɗannan biyun da hankalinsa kawai, don haka ba ka san ko 114 ɗin nan sani suka yi ko kuwa zaɓin ne ya tona kansa ba. Ka maye gurbin duka amsoshin ruɗin uku da kuskuren da kake gani a littattafan aikinsu: 360 ga mai rikita alwatika da siffa mai gefe huɗu, 90 ga mai tuna kusurwar tsaye, 270 a matsayin na uku. In kana so ta ɗan ƙara nauyi, ka ba su kusurwa biyu, 65 da 45, ka ce su nemo ta uku, amsar 70, ka sa 110 da 250 cikin zaɓin domin su ne inda mai rabin sani ke faɗawa. Idan bayan wannan gyara har yanzu kusan kowa ya ci, ka bar ta a farkon takarda ta kwantar wa yara hankali.

Ƙidayar ba ta bukatar wata manhaja ta musamman. Idan ka zuba zaɓin ɗalibai a Excel, kowace tambaya da ginshiƙinta, wannan zai ba ka rabon waɗanda suka zaɓi C:

```
=COUNTIF(B2:B121,"C")/120
```

Abu ɗaya da ake mantawa: bayan ka gyara amsar ta 23, jimillar makin mutum 82 za ta motsa, 70 su ƙaru, 12 su ragu, don haka sai ka sake jera takardun ka sake ware rukunan kafin ka amince da lambobin sauran tambayoyin. Na san za a ce maka an riga an cike takardun sakamako an sa hannu, ba a son a taɓa. Ka ɗauki ƙidayar nan ka kai wa shugaban sashe, ka nuna masa 2,000 a raba da 8,000 a gabansa, ka nemi a gyara makin kafin a shiga sabon zango, sannan ranar farko da ka shiga aji ka rubuta tambayar a allo ka gaya wa yaran cewa C ce daidai.