Me ke sa fis ya ƙone?

Tambaya: A ɗakinmu a Agege, da na jona hita sai wuta ta ɗauke, alhali maƙwabta suna da ita. Me ya sa?

Amsa: Wutar da ke zuwa unguwa tana biyowa ta taransifoma, wadda ke rage ƙarfinta zuwa kimanin bolt 230, sannan ta ratsa mita ta shiga akwatin rarrabawa, inda kowane layi ke da nasa fis ko bireka, wato abin da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa.

Hita mai wat 3,000 tana jan kusan amfiya 13, don haka idan aka haɗa ta da dutsen guga mai wat 1,200 a kan layin da birekarsa ta amfiya 15 ce, nauyin ya wuce ƙima, kuma bayan ɗan lokaci birekar za ta faɗi, ko fis ya ƙone idan shi ne a layin, domin kada waya ta yi zafi ta kama gobara. Idan kuwa tana faɗuwa nan take, wataƙila wayoyi ne suka haɗu a cikin hitar, sai ku kira mai gyara.