Hukuncin Sanya wa Hoto Kwat da Kwamfuta Don Neman Aiki

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Jekadafari a Gombe. Wani banki ya buƙaci hoton fasfo tare da takardun neman aiki, ni kuwa ba ni da kwat. Mai shagon hoto ya ce zai cire 'yar shatin da ke jikina a kwamfuta ya ɗora mini kwat da nakatayi. Shin wannan yaudara ce?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne hakan ya halatta da sharaɗi, domin tufafi suna cikin al'adu, asalin al'adu kuwa halasci ne. Abin da ma'aikata ke nufi da hoton fasfo shi ne su gane fuskar mai takardu ranar ganawa, babu mai ɗaukar kwat a matsayin shaidar ilimi ko ƙwarewa. Tun da daɗewa masu hoto suna rataye kwat a ƙusa, wanda ya zo ya ara ya saka na ɗan lokaci, kuma aron tufafi halal ne. Na kwamfuta ya yi kama da wannan, ko da yake aro ya fi kuɓuta daga shubuha.

Wani zai kawo hadisin Asma'u 'yar Abubakar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin ƙarya biyu ne. Hadisin yana magana ne a kan wanda yake da'awar wani matsayi da ba nasa ba, don haka ya hau kan wanda ya ɗora wa hotonsa kakin ɗan sanda, ko rigar lauya, ko kakin masu bautar ƙasa alhali bai yi ba. Wannan haramun ne, domin tufafin da kansu suna ba da shaidar zur. Kwat kuwa kowa na iya saya a kasuwa.

Sharaɗi na farko shi ne kada a taɓa fuska. Wasu masu gyaran hoto sukan haska fata, su share tabo ko tsagar gado, su rage shekaru, ba tare da an sa su ba. Ka ajiye hoton asali kusa da wanda aka gyara, ka duba launin fata da hanci da gemu, in an canja ka ce a mayar, domin a nan ne maganar Annabi (SAW) cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu take shigowa.

Na biyu, ka karanta sanarwar aikin. Idan sun ce sabon hoto suke so wanda ba a gyara ba, to gyaran ya haramta ko da na tufafi ne kaɗai, saboda Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Sai ka ari kwat a wurin aboki a ɗauke ka da ita. Wallahu a'alam.