Jiha, Lardi ko Yanki: Amsar Kawu

"Kawu, abokina da ke karatu a Kanada ya ce su larduna gare su, ba jihohi ba. Ashe ƙasa mai ci gaba irin wannan har yanzu tana zaman lardi irin na zamanin Razdan? Kuma me ya hana ƙasashe su yi amfani da suna ɗaya kowa ya huta?"

Ɗana, na yi dariya da na karanta saƙonka, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin na lura cewa ku yaran yanzu kun ɗauka waɗannan sunaye matakala ce, jiha a sama, yanki a tsakiya, lardi a ƙasa. Ka sani cewa lardin Kanada, waɗanda guda goma ne tare da wasu yankuna uku na can arewa, yana da majalisarsa da firimiyansa da jama'a suka zaɓa, shi ke riƙe da makarantu da asibitoci, kuma ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasarsa nasa ne. Gwamnan jiha a Najeriya ba shi da wannan iko a kan man fetur ko zinariyar da ke jiharsa. Sin ma larduna gare ta, amma a can uwar jam'iyya ce daga Beijin take yanke wanda zai shugabanci kowanne. Kama da wane ba ta wane.

Ina ƙaramin akawu a sakatariyar gwamnatin Arewa lokacin da aka yi wa wannan ƙasa ɗinki biyu cikin shekara guda, kuma a nan na fara gane abin da nake gaya maka. A wancan zamani Najeriya kashi huɗu ce: Arewa, Gabas, Yamma, da Tsakiyar Yamma wadda aka yanka a 1963. Abin da Turawa ke kira yanki mu Jihar Arewa muke ce masa, a ƙarƙashinta kuwa akwai larduna goma sha uku. Kafin sojoji su karɓi mulki, wannan jiha tana da tsarin mulkinta daban da na tarayya, da firimiyanta, da hukumar sayen amfanin gona da ke tara mata kuɗi, har da wakilinta a Landan. Ranar 24 ga Mayu, 1966, Janar Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34, ya ce babu sauran tarayya, yankunan nan su zama rukunin larduna kawai, ma'aikatan gwamnati kuma a haɗe su wuri ɗaya. Iyaka ba ta motsa ko taku ɗaya ba, amma kowa ya fahimci cewa ɗaukar ma'aikaci da ƙarin girmansa sun koma Legas, kuma kafin mako ya zagayo an zubar da jini a garuruwan Arewa. Bayan juyin mulkin Yuli aka soke dokar.

Sai ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya yi jawabi ta rediyo ya raba ƙasar jihohi goma sha biyu, shida daga cikinsu a Arewa. Ba ƙawa ce ta sa ya yi haka ba. Ƙananan ƙabilu sun daɗe suna kukan danniya, sannan raba Gabas gida uku ya cire bakin teku da rijiyoyin mai da yawa daga hannun masu shirin ɓallewa, waɗanda suka ayyana Biyafara bayan kwana uku.

Jawabin bai ɗauki lokaci ba, amma rabon da ya biyo baya ya ci mu watanni. Aka jibge fayiloli a baranda, kowane tari da takardar sunan sabuwar jiha a kansa, mu kuwa muna buɗewa ɗaya bayan ɗaya muna duba lardin da magana ta shafa. Fayil ɗin rijiyar wani ƙauye ba shi da wuya. Wahalar tana ga fayil ɗin hanyar da ta ratsa larduna uku, waɗanda yanzu suka faɗa jihohi daban-daban, domin dole a zauna a buga kwafinsa da tafireta da takardar kabon, shafi bayan shafi, har yatsu su yi baƙi. Aka raba motoci da kujeru da akwatunan ƙarfe na ajiyar kuɗi, aka raba mu mu ma, kowa aka tura shi jihar da lardinsa na asali ya faɗa, mutanen da suka yi shekaru a teburi ɗaya suka yi sallama. Abin da ya ƙi rabuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyon Kaduna, aka kafa masa hukumar riƙo ta haɗin gwiwa. Babban akawunmu, dattijo ne da ya yi aiki tun zamanin Razdan, Allah Ya jiƙansa, ya ga muna murna cewa kowa ya samu jiharsa, sai ya ce: "Yara, in kun ga rawani, kafin ku faɗi gaisuwa ku tambayi wanda ya naɗa shi, da wanda zai iya warware shi." Gaskiya ya faɗa, domin duk gwamnonin nan Legas ce ta turo su, kuma ko ɗaya daga cikin sababbin jihohin ba ta yi ƙarfin tsohuwar ba. Daga nan aka yi ta yanka: 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, dukkansu da dokar soja.

Kwatanta wannan da Amurka, inda sunan ya fi shahara. A can gundumomin mallakar Ingila guda goma sha uku ne suka ayyana 'yancin kansu a 1776, kowacce tana kallon kanta ƙasa, daga baya suka taru suka rubuta tsarin mulki a 1787 suka ba gwamnatin tsakiya wani sashe na ikonsu, suka riƙe saura. Shi ya sa har yau kowace jiha take da nata tsarin mulki da nata dokokin laifi, har wata tana yanke hukuncin kisa maƙwabciyarta ba ta yi. Su 'ya'ya ne suka haifi uwa, mu kuwa uwa ce ta yanka jikinta.

Inda suna ya bi gadon mai mulki kuma, dubi Nijar. Ta gaji tsarin Faransa, wadda a 1790 ta rushe tsofaffin lardunanta da gangan, ta yanka ƙasar kashi 83, ta laƙaba wa yawancinsu sunayen koguna da duwatsu don mutane su daina jingina kansu da tsofaffin masarautu. 'Yan'uwanmu na can suna cewa jihar Maraɗi, jihar Damagaram, kamar yadda muke cewa jihar Katsina, alhali gwamnansu daga Yamai ake naɗo shi. Kamaru a 2008 ta sauya wa lardunanta goma suna suka koma yankuna, amma shugaban ƙasa ya ci gaba da naɗa gwamnoni. Kenya ce ta yi sauyin da ya taɓa jiki, domin tsarin mulkinta na 2010 ya rushe larduna takwas, ya kafa gundumomi 47 masu zaɓaɓɓun gwamnoni, ya kuma tilasta a ba su kaso daga kuɗin ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne yadda nake jin tsararrakinka suna ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa a koma tsarin yankuna, wasu na neman sabuwar jiha, ba tare da ɗayansu ya tsaya ya faɗi wa zai karɓi haraji, wa zai riƙe 'yan sanda, da kuma ko gwamnatin tsakiya za ta iya rushe abin idan ta ga dama ba. Mu da muka ɗauki fayiloli a ka mun san cewa kowace sabuwar jiha sai an gina mata sakatariya da gidan gwamna, an biya kwamishinoni, kafin a kai ga rijiya ɗaya. Ka tambayi abokin naka wa ke biyan malamansa albashi, da kuma wa ya ba shi katin asibiti, ka aiko mini da abin da ya ce. Ka gaida mahaifiyarka.